Dokin da ya yi taku shida ya mutu a e3

Har yanzu idan na jera allon ces a gida, hannuna kan kai kansa ga matsayin da na samu a taku na 13 na wani wasa da na buga a ƙaramar gasar ƙarshen mako a Kaduna, kuma duk lokacin da na dube shi sai raina ya sake ɓaci. Ni ne ke riƙe da Fari, abokin karawata kuwa ɗan makarantar sakandare ne wanda bai kai rabin shekaruna ba. Ya zaɓi tsarin Sveshnikov na buɗin Sisiliya, abin da ya faranta mini rai, domin na daɗe ina ganin cewa a wannan tsari Baƙi da hannunsa yake kafa wa dokina turke a gidan d5.

Turke nake kiransa, tunda doki ake ɗaurewa a wurin: gida ne a cikin yankin abokin gaba wanda sojana ke tsaronsa, kuma babu sojan abokin gaba da zai iya zuwa ya kori abin da ke zaune a kai. A wannan tsari sojan c na Baƙi ya riga ya tafi a musayar farko, sojan e kuma ya wuce zuwa e5, saboda haka babu sauran sojan da zai taɓa d5 har a tashi wasan. Ga yadda muka tafi:

```
1.e4 c5 2.Nf3 Nc6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6
5.Nc3 e5 6.Ndb5 d6 7.Bg5 a6 8.Na3 b5
9.Nd5 Be7 10.Bxf6 Bxf6 11.c3 O-O 12.Nc2 Bg5
```

Har nan babu abin da zan zargi kaina da shi. Na ba da bishof ɗina a f6 domin in kawar da dokin da ke takarar d5, dokina ɗaya ya zauna daram a turkensa, ɗayan kuma ya baro gefen allo daga a3 zuwa c2. Sai na kai hannu, ban ko ɗauki minti ɗaya ba, na buga 13.Nce3, ina nufin doki na biyu ya tsaya bayan na farko, ta yadda idan an ci na d5 wani dokin ne zai gaje shi.

Yaron bai yi wata-wata ba, ya ci dokin da bishof ɗinsa. A lokacin ne na ga dalilin zuwan bishof ɗin g5 a takun da ya gabata. Ni na ɗauka gudun dokin d5 yake yi, alhali ya hau layin da ya taso daga h6 zuwa c1 ne, kuma e3 na kan wannan layi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne irin bishof ɗin da na taimaka masa ya rabu da shi. Sojojinsa na d6 da e5 duk a baƙaƙen gidaje suke, sun toshe masa hanya, kuma d5 farin gida ne, don haka ko shekara bishof ɗin zai yi a allon ba zai taɓa iya cin abin da ke kan turken ba. Kayan da ba shi da ta cewa a rigimar d5 ke nan, na miƙa masa dokin da zai yi magana a cikinta. Wannan doki ya tashi daga g1 ya bi f3, d4, b5, a3, c2, ya isa e3, taku shida cif, kuma a na shidan ya mutu.

Ramuwar ma ba ta zo da sauƙi ba. Idan na ci da sojan f2 na lalata jerin sojojin da za su kare sarkina, saboda haka dole dokin d5 ya sauko ya ci a e3. Wato tafiyar da na shirya domin ƙarfafa turken ita ce ta kwance dokin da ke ɗaure a kansa.

```
13.Nce3 Bxe3 14.Nxe3 Ne7 15.Nd5 Nxd5 16.exd5 f5
```

Gaskiya ita ce bayan 14...Ne7 ban shiga halaka ba. Wasan ya koma kunnen doki ne kawai, kuma da na haƙura na fito da bishof ɗina ko na buga a4, da an ci gaba da fafatawa. Kuskure na biyu, wanda taurin kai ya haifa, shi ne komawa d5 nan take kamar wanda ya manta hularsa a can. Ban tsaya na ƙirga ba. Yana da doki a e7 da ke kallon gidan, yana da bishof na fararen gidaje da taku ɗaya zai kai shi e6 ko b7, ni kuwa ba ni da wani ƙaramin kaya, wato doki ko bishof, da zai gaji dokin. Da ya ci, na duba ramuwa da sarauniya, sai na ga 16.Qxd5 Be6 17.Qd2 d5, inda sojan d6, wanda shi ne raunin da na yi niyyar matsa wa, zai taka gaba ya narke a musaya. Na ƙi wannan, na ci da soja, kuma da haka na cike ramin da hannuna. Sojan da ke d5 ba ya barazana ga kowa, ya rufe layin d ya ba sojan d6 mafaka, sannan ya tsaya a farin gida yana tare wa bishof ɗina hanya.

Ba ina cewa soja a d5 kullum musiba ba ne. A gasar kambun duniya ta 2018 a Landan, Fabiano Caruana ya riƙa buga 7.Nd5 a kan Magnus Carlsen da gangan, yana karɓar sojan d5 domin ya tura rinjayen sojojinsa a ɓangaren sarauniya. Amma shi ya zaɓi hakan tun taku na 7 bai kashe lokaci ba. Ni na isa can a taku na 16, kuma da na ƙirga daga baya na tarar cewa goma daga cikin takuna goma sha shida dawakai ne suka yi su, ga shi babu doki ko ɗaya da ya rage mini. Sarkina na tsakiya, bishof na f1 bai motsa ba, hasumiyoyin biyu na kusurwa. Shi kuwa yana da sojoji huɗu a kan ukuna a ɓangaren sarki, ya turo su ɗaya bayan ɗaya, sojan f ya kai har f3, kuma ban daɗe ba na miƙa masa hannu.

Sai da dare, ina juya abin, na gano inda na samo wannan taku na 13. Na haddace shi ne daga wani reshe na tsarin, inda yake daidai:

```
9.Bxf6 gxf6 10.Nd5 f5 11.c3 Bg7
12.exf5 Bxf5 13.Nc2 O-O 14.Nce3 Be6
```

Hanyar ɗaya ce, a3 zuwa c2 zuwa e3, amma farashinta ya sha bamban. A nan bishof na baƙaƙen gidaje yana g7 a bayan sojansa na e5, ba ya ganin e3. Bugu da ƙari, dokin na sauka a e3 yana kai wa bishof na f5 hari, dole Baƙi ya kashe taku ya janye shi, don haka takun ƙarshe na tafiyar kyauta ne. Na ɗauki hanyar na bar dalilinta, na kai ta wurin da mai gadi ke tsaye a bakin ƙofa.

A matsayin da na samu, abin da masana tsarin suka fi bugawa shi ne 13.a4. Da farko na ga kamar ba shi da alaƙa da d5, amma yana da ita sosai. Sojan b5 ne ke hana bishof ɗina zama a c4, kuma daga c4 ne bishof zai tsare d5. Bayan 13...bxa4 14.Rxa4 a5 15.Bc4, hasumiya ta fito, bishof ya zama magajin doki, dokin c2 kuma yana nan yana tsare b4 da d4, yana jiran lokacin da zuwa e3 zai biya kuɗinsa. Ashe dokin bai kasance a mugun wuri ba tun farko. Fitowa daga a3 wajibi ce, domin a can ba ya ganin komai sai sojan b5. Amma taku na gaba ba gaggawa ba ne, kuma wannan bambanci ne na kasa gani.

Tun daga ranar, kafin in ɗaga doki zuwa tafiya mai taku biyu ko uku, nakan bi gidajen hanyar da ido ɗaya bayan ɗaya, in tambayi kaina wane kayan abokin gaba ne ke kallon kowannensu, kuma ko zan yi farin ciki idan aka yi musaya da shi. Da na yi wannan tambaya a e3, amsar a fili take. Bayan haka nakan ƙirga masu takarar turken kansa, ƙananan kaya kawai, nawa da nasa, domin in san ko wanda zai zauna a gidan bayan an gama cinye-cinye kaya ne ko soja. Sannan nakan ba abokin gaba takun da zan kashe, in ga abin da zai yi da su. Idan tsakiyar allo a kulle take kuma ba shi da sojan da zai fasa ta, taku uku ba komai ba ne, ana iya tafiya a natse. Idan kuwa yana da f5 ko d5 a hannu, ga sarkina bai shiga lungu ba, to kowane taku bashi ne da za a biya.

Har yanzu ina son turken d5, kuma ina da hujja. A Horgen a 1994, Garry Kasparov ya ba da hasumiya sukutum a kan bishof na fararen gidaje na Alexei Shirov a b7, a cikin wannan tsari, ya bar dokinsa na d5 babu mai iya taɓa shi, kuma ya ci wasan. Na san wannan wasa tun kafin gasar Kaduna, na sha nuna wa abokai shi ina yaba dokin. Abin da ban lura da shi ba sai bayan an doke ni shi ne wane bishof ya kashe dukiya domin ya kawar: mai iya kaiwa ga d5. Na baƙaƙen gidajen ya bar wa Shirov abinsa, ni kuwa na saye shi a hannun ɗan sakandare da doki mai taku shida.