Mbps 45 ga UDP, Mbps 2.4 ga TCP

Na taɓa haɗa rassa biyu na wani kamfani da hanyar rediyo mai ɗaukar megabit 50 a daƙiƙa, amma fayil ya ƙi saukowa daga sabar da gudun da ya wuce megabit biyu da ɗoriya. Kwana biyu ina hawa hasumiya ina gyara saitin eriya, babu abin da ya sauya.

Sai na gwada hanyar da iperf3, manhajar auna gudun hanya, na farko da TCP, wanda saukar da fayil ke amfani da shi, na biyu da UDP, wanda ke turawa ba tare da jiran amsa ba:

```
iperf3 -c 10.0.0.2
iperf3 -c 10.0.0.2 -u -b 45M
```

UDP ya kai kusan megabit 45, fakiti ɗaya cikin ɗari kawai ke ɓata. TCP kuwa ya tsaya a 2.4. Ashe hanyar na da faɗi, mai aikawa ne ke ƙin cika ta.

Dalilin shi ne tagar cunkoso, wadda umarnin `ss -ti` ke nunawa da sunan `cwnd`: adadin fakitin da mai aikawa zai saki kafin ya jira amsar isarsu. A Reno, wani tsohon tsarin TCP na sarrafa tagar, duk zuwa da dawowa ɗaya tagar na ƙaruwa da fakiti ɗaya tak, amma da zarar amsa iri ɗaya ta maimaitu sau uku, alamar fakiti ya ɓata, sai a raba ta biyu. CUBIC, tsarin da Linux ke amfani da shi, ya fi sassauci, yana rage kashi 30 cikin ɗari. Van Jacobson ya shimfiɗa wannan dabara a 1988, lokacin da ɓatan fakiti kusan kullum na nufin layin jira ya cika a wata na'ura, don haka ja da baya shi ne daidai. A iska kuwa katsalandan ɗin wata rediyo ma kan lalata fakiti alhali hanya fayau take, TCP kuma bai iya bambancewa.

Lissafin ne ya gamsar da ni. Zuwa da dawowa milidaƙiƙa 60 ne har sabar, fakiti kuma bayit 1460, saboda haka cika megabit 50 na buƙatar taga mai fakiti kusan 257. Da asarar ɗaya cikin ɗari, tagata ba ta wuce goma sha wani abu kafin a sake sare ta. Ƙa'idar Mathis, `1.22*MSS/(RTT*sqrt(p))`, inda MSS ne girman fakiti, RTT lokacin zuwa da dawowa, p kuma yawan asara, ta ba ni megabit 2.4, daidai da abin da na gani. Abin da ya fi damuna shi ne wannan tushen murabba'i: sai ka rage asara ninki ɗari kafin gudu ya ninka goma.

Maganin na cikin rediyon. Wanda ya riga ni ya rage yawan sake aikawa da rediyon ke yi da kansa, don jinkiri ya ragu. Na mayar da shi yadda yake, na kuma koma tashar da babu hayaniya, asarar da TCP ke gani ta kusa ƙarewa, gudu ya haura megabit 40. Na gwada BBR a sabar ma, wani tsarin TCP da ke auna faɗin hanya da jinkirinta maimakon dogaro da asara, ya kuma taimaka, sai dai kwamfutocin reshe da ke tura fayil sama suna nan da tsohon tsarinsu.