Zagaye ɗaya na pinyo, milimita nawa ƙofa ke tafiya?

Aikin ƙofofin ƙarfe nake yi a Yamai, kuma a shekarun nan masu gidaje sun fi son ƙofa mai zamewa a kan taya, wadda moter ke ja. Abin da ke janta kuwa ƙarfe biyu ne: kiremayer, doguwar sanda mai haƙora da ake ɗaurewa a jikin ƙofar, da pinyo, ƙaramar giya mai zagaye da ke kan moter tana cizon haƙoran nan. Wani Alhaji a unguwar Kwara Kano ya ba ni aikin ƙofa mai buɗewar mita 4.5, ya kawo moter na hannu da ya samo a kasuwar Katako, pinyo na jikinsa amma rubutun da ke kai ya goge. Ya ce: "Malam, cikin daƙiƙa nawa za ta buɗe? Ba na son in tsaya da mota a bakin titi ina jira." Na ce: "Alhaji, ka ba ni in ƙirga haƙora tukuna."

Na ƙirga, 18 ne. Sai na koma kan kiremayer da metir. Ban auna tazarar haƙori ɗaya ba, don ido ba ya raba rabin milimita a kan metir. Na sa alli a kan wani haƙori, na ƙirga tazara goma, na auna daga gefen na farko zuwa irin wannan gefen na haƙori na 11. Ya ba ni wajen milimita 125.5. In aka raba da goma, tazarar haƙori zuwa haƙori ta zama 12.55 ke nan, in kuma aka sake raba wannan da 3.14 sai a samu 4. Wannan huɗun shi ake kira modul, wato girman haƙori, kuma modul 4 shi ne aka fi samu a ƙofofin gidaje.

Daga nan lissafin ba shi da wuya. Duk haƙorin pinyo da ya wuce, yana tura kiremayer tazara ɗaya. Pinyo ya yi zagaye cikakke, haƙoransa duka sun wuce, don haka tafiyar ita ce tazara sau yawan haƙora:

```
tazara = π × m
tafiya = π × m × z
```

m shi ne modul, z yawan haƙora, π kuwa 3.1416 ne, wanda ake taƙaitawa 3.14. A nawa aikin tazara 12.566 ce, sau 18, ya ba da milimita 226.2. Ƙofar na buƙatar milimita 4500, wato zagaye 20 ba kaɗan. Allon moter ya nuna zagaye 1400 a minti, giyar cikinsa tana ragewa sau 28, saura zagaye 50 a minti ke isa ga pinyo. Zagaye 20 a wannan gudu daƙiƙa 24 ne. Na gaya wa Alhaji, ya ce ya yi masa.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ɗauki piye-a-kulis, ma'aunin nan mai baki biyu na awon kauri, ya auna pinyon daga kan haƙori zuwa kan haƙori, ya samu 80, ya buga sau 3.14, ya ce: "Maigida, ni 251 na samu." Na ji daɗin tambayar, don wurin nan ne mutane da yawa ke kaucewa. Pinyo ba ya gangarawa a kan ƙarshen haƙoransa kamar tayar keke a kan ƙasa. Haƙoran suna shiga cikin na kiremayer, kuma da'irar da ke aiki tana can wajen tsakiyar tsawon haƙori, inda babu layin da ido zai gani balle a ɗora ma'auni. Faɗin wannan da'irar shi ne modul sau haƙora, 4 sau 18, wato 72. Faɗin waje kuma ya fi shi da modul biyu, shi ya sa ya samu 80. Wanda ya yi lissafi da 80 ya ƙara wa kowane zagaye milimita 25, fiye da kashi 11 cikin ɗari. Amma awon nasa bai tafi banza ba, na nuna masa cewa in ya raba 80 da haƙora 18 da aka ƙara wa 2, wato 20, zai samu 4. Hanya ce ta biyu ta gano modul, kuma da ita na tabbatar pinyo da kiremayer ɗin jinsi ɗaya ne.

Wannan tabbacin yana da muhimmanci ga mai sayen kayan hannu, domin akwai kiremayer da aka yanka da awon inci. Wadda ake kira DP 6 ta yi kama da modul 4 ƙwarai a ido, amma tazara goma nata milimita 133 ne, ba 125.7 ba. Ka haɗa ta da pinyo modul 4, za ka ji yana ƙwanƙwasa a kowane haƙori, ba a daɗe ba kuma gefen haƙoran ya cinye.

Da muka ɗora moter, na bar sarari kamar milimita 1 zuwa 2 tsakanin pinyo da kiremayer, don nauyin ƙofa ya zauna a kan tayoyinta, kada ya danne sandar moter. Yaron ya sake tambaya ko sararin ba zai rage tafiya ba. Ba ya ragewa ko kaɗan. Matuƙar haƙora ba sa tsallake juna, zagaye ɗaya haƙora 18 ne, haƙora 18 kuma milimita 226.2 ne. Abin da sararin ke ƙarawa shi ne wasa, wato ɗan juyin da pinyo ke yi a banza lokacin da moter ya sauya hanya kafin haƙori ya sake kama haƙori. Mun gwada: na kwance kulle moter, na sa alli a pinyo da kuma ƙasa, muka tura ƙofar hanya ɗaya har pinyo ya yi zagaye goma. Metir ya nuna mita 2.26.

Matsalar da ta fito daga baya ta nauyi ce. Ƙofar an lulluɓe ta da tol, wato fallen ƙarfe, mai kauri, ga rairayin da iska ke zubawa a kan layin dogonta, moter yana nishi kafin ya tashe ta. Alhaji ya so a sayo babban moter. Na ba shi shawarar mu fara sauya pinyo zuwa mai haƙora 15, modul 4 ɗin dai. Da'irar aiki ta sauko daga 72 zuwa 60, ƙarfin turawa ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari ba tare da an taɓa moter ba. Farashin abin shi ne lokaci: zagaye ɗaya ya koma milimita 188.5, ƙofar na buƙatar kusan zagaye 24, buɗewa ta koma wajen daƙiƙa 29. Ya amince da ƙarin daƙiƙa biyar. Sai da muka sake daidaita tsayin moter, tunda ƙaramin pinyo ya ƙara sararin milimita 6 a ƙarƙashin kiremayer. Ban yarda mu sauka ƙasa da 15 sosai ba, domin pinyo mai ƙarancin haƙora gindin haƙorinsa yakan sirance, ya fi saurin karyewa.

Wurin da lissafin nan ke iya lalacewa shi ne mahaɗa. Kiremayer gunduwa-gunduwa take zuwa, kowace wajen mita ɗaya. Mai haƙora 80 a modul 4 tsawonta milimita 1005 ne. In aka manna gunduwa biyu baki da baki yadda aka ga dama, tazarar da ke mahaɗar ba za ta zama 12.566 ba, kuma duk lokacin da pinyo ya zo nan ƙofa sai ta yi tsalle ko ta cije. Abin da nake yi shi ne in ɗauki gunduwa ta uku in kifa ta, haƙoranta su shiga cikin na biyun daidai kan mahaɗa, in matse da matsi, sannan in ɗaure ƙusoshi. Bayan na cire ta, ina tura ƙofar da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kullen moter a kwance, ina sauraren kowace mahaɗa. Inda na ji ƙara, nan nake sake kwancewa.