Talata a Daura: Farar Saniya Ta Tsaya

Yau tun ina hanyar dawowa daga sallar asuba nake jin kukan farar saniyar nan Bunaji daga bayan gida. Jiya da magariba ma ta yi ta wannan kukan, ta ƙi cin dusa, tana zagaye turke, sai ta ɗan tsuguna ta yi fitsari kaɗan ta miƙe. Da aka tatse ta, nonon bai kai yadda ta saba bayarwa ba. Na san neman sa, wato bijimi, ne ke tafe, ga shi ɗurin maniyyi nake so malamin dabbobi ya yi mata, amma jiyan da na kwance shanun, duk wadda ta zo hawanta sai ta goce ta kai mata ƙaho.

Da gari ya ɗan yi haske, wajen ƙarfe 6, na sa ƙanena ya kwance su duka ya saki a fili, na ja kujera na zauna. Wannan zaman shi ne rabin aikin. Saniyar da ke ɗaure a turke dare da rana ba ta da yadda za ta nuna babbar alama, shi ya sa masu kiwon gida da yawa ke cewa saniyarsu ba ta neman sa, alhali tana nema, igiya ce ta hana a gani. Minti 20 zuwa 30 da sassafe, da wasu kamarsu da yamma, a lokacin da ba a ba su abinci ba kuma ba a tatsa, sun isa.

Ba a jima ba jar karsana ta fara shinshinar ta, ta ɗora haɓa a kuturinta, sannan ta hau. Farar ta kafe ƙafafu ta tsaya cik, ba ta matsa ba. Aka sake, ta sake tsayawa. Na duba agogo, 6 da kwata, na rubuta. Da na matsa kusa na ga gabanta ya ɗan kumbura, cikinsa ya yi ja, ga majina fara tas mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai tana zarara har ta manne a wutsiya. Gashin gindin wutsiyar ya hargitse, ga ƙasar kofato a kwiɓinta, alamar an hau ta tun kafin in lura.

Kawu ya shigo daidai nan, carbi a hannu. Da ya ga karsanar na ta hawa sai ya ce, "Kai yaro, ai jar nan ce ke nema, kira malamin dabbobi yanzu a yi musu su biyu."

Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, wadda ke hawa ba lallai ne tana kan lokaci ba. Wataƙila nata na nan tafe, wataƙila kuma ɗokin 'yar'uwarta ne kawai ya ɗebe ta. Wadda aka hau ta tsaya, ita ce tabbas."

Ya yarda da wannan, don shi ma ya yi kiwo, amma bai ga dalilin jira ba. Ya ce da can in bijimi ya gan ta ba ya jiran la'asar. Gaskiyarsa, sai dai bijimi yana hawa ya sake hawa, ɗanyen maniyyinsa kuma yana da yawa, yana daɗewa a ciki. Mu kuwa tsinke ɗaya na maniyyin bijimi za mu saya, wanda aka daskarar a tukunyar naitirojin, sau ɗaya za a sa, kuma ƙarfinsa a cikin mahaifa bai cika wuce kwana ɗaya ba.

Lissafin da na yi masa ke nan. Ƙwan haihuwa ba ya fitowa lokacin da saniya ke tsayawa. Yana fitowa ne bayan ta daina, kamar awa 10 zuwa 14 bayan nan, wato wajen awa 24 zuwa 30 daga farkon tsayuwarta. In ya fito kuma ba ya jira, cikin awa 10 ko ƙasa da haka ya fara lalacewa. Shi ma maniyyi sai ya yi kamar awa 6 a jikinta kafin ya iya shiga ƙwan. Saboda haka so ake ƙwai ya fito ya tarar da maniyyi ya riga ya iso, da sauran ƙarfinsa. In an yi gaggawa da ƙarfe 7 na safe, kafin ƙwan ya fito maniyyin ya raunana. In an bari sai gobe da hantsi, ƙwan ya tsufa kafin maniyyin ya shirya. Daga nan ne ƙa'idar da malaman dabbobi ke bi ta fito: wadda aka ga ta tsaya da safe a sa mata da yamma, wadda aka gani da yamma a sa mata washegari da safe.

Sai dai ni ba na bin awa 12 ɗin nan ido rufe. Shanunmu masu tozo lokacin tsayuwarsu gajere ne, bai kai na shanun Turai ba, kuma sau da yawa cikin dare suke farawa, balle da zafin nan. Jiya da magariba ba ta tsaya ba, yau 6 da kwata ta tsaya, ke nan ta fara ne a wani lokaci tsakanin nan, kuma ƙasar da ke kwiɓinta ta nuna ta daɗe da farawa. In na ɗauka tsakar dare ne, ƙarfe 5 na yamma ya zama awa 17. In da asuba ne, awa 11 ko 12. Duka biyun suna cikin lokaci. Don haka na ce wa malamin ya zo bayan la'asar, kada ya kai isha. A ganina, in dole sai an kuskure, gara a ɗan yi sauri da a makara.

Da rana ba wani abu. Na je kasuwa na sayo harawa, na mayar da ita inuwa, aka cika mata ruwa.

Wajen azahar maƙwabcinmu ya aiko ɗansa, wai ya ji malami zai zo, a haɗa da tasa saniyar, don ya ga jini-jini a wutsiyarta yau. Na je na duba, na ce masa, "Malam, ka riƙe kuɗinka." Wannan ɗan jinin yana fitowa ne kwana 1 zuwa 3 bayan lokaci ya wuce, kuma ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Amfaninsa ɗaya, ya ba ka wurin fara ƙirge. Saniya tana dawowa duk kwana 21, wata 18, wata har 24, don haka na ce ya fara sa mata ido sosai daga kwana 16 ko 17 masu zuwa, ya riƙa kwance ta cikin 'yan'uwanta.

Malamin ya iso 5 saura. Kafin ya buɗe tukunya sai da ya tambaye ni yaushe ta haihu, na ce ta haura wata uku, ya ce madalla, don ba ya son sa wa wadda ba ta kai kwana 45 zuwa 60 da haihuwa ba. Ya tambaya ko bijimi ya taɓa hawanta bayan nan, saboda akwai masu ciki da ke nuna alamar nema, in aka zura musu ƙarfen ɗura maniyyi cikin mahaifa suna iya ɓari. Ya sa safar hannu ya lalubo mahaifar ta dubura, ya ce ta yi tauri yadda ake so, majinar kuma ba ruwan ɗiwa a ciki. Sannan ya ciro tsinken ya jefa a ruwan ɗumi mai zafin digiri 35 zuwa 37 na kamar daƙiƙa 30, ya goge shi ya bushe, ya ɗura a ƙarfen, bai tsaya hira ba sai da ya gama, domin da zarar an narkar, bai kamata ya wuce minti 10 zuwa 15 a waje ba.

Na yi alama a kalanda: mako uku daidai ya faɗo ranar Talata, amma zan fara kallonta tun ranar Asabar ɗin da ke gabanta har zuwa Juma'a. In ba ta tsaya wa kowa ba, malamin zai dawo bayan wata biyu ya duba ciki. Jar karsanar kuma gobe da asuba zan sake sakin su in gani, don da magariban nan ita ma ta ƙi dusa.