Abin da na koya a kwas ɗin tarihin Turai game da injin ɗab'i

Kwas ɗin da muka yi na tarihin Turai a wannan zangon ya sa ina ta tunanin ƴan ƙananan takardu, don gaskiya su suka girgiza Jamus fiye da manyan littattafai. Kowa ya san Gutenberg da Baibul ɗin da ya buga a Mainz wajajen 1455, to amma kwafi kusan 180 ne kawai, da Latin, ga tsada, coci da masu hannu da shuni ne ke iya saya. Talaka ko ganinsa ma bai yi ba.

Abin ya canja ne a zamanin Martin Luther, malamin addinin Kirista ɗan Jamus da ya fito ya soki cocin Katolika. Hujjojinsa 95 na 1517 da Latin ya rubuta su saboda malamai ƴan uwansa, sai a 1518 ya fitar da wata gajeriyar huɗuba da Jamusanci kan takardun sassauta azabar zunubi da coci ke sayarwa, ita ce aka dinga sake bugawa gari gari. Kuma dalilin har da na kasuwa fa. Mai ɗab'i in ya ɗauki babban littafi sai ya zuba jarinsa a takarda ya jira wata da watanni kafin ya ga kuɗinsa, amma falle ɗaya in an naɗe shi sau biyu ya ba da shafi 8, falle biyu ko uku an gama ɗan littafi, cikin ƴan kwanaki ya sayar ya mayar da kuɗi, ga shi babu dokar da ta hana na Leipzig ko Augsburg ya kwafi abin da aka buga a Wittenberg, garin da Luther yake. Shi ya sa kafin hukuma ta farga magana ta riga ta cika gari. Jan Hus ma, wani malamin coci ɗan Bohemia, wato yankin ƙasar Czech ta yau, ya soki coci tun kafin injin, aka ƙona shi a 1415, koyarwarsa ba ta yi nisa sosai daga Bohemia ba.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne yawancin mutane a lokacin ba su iya karatu ba, musamman a ƙauye. Mutum ɗaya ne zai karanta da ƙarfi a kasuwa ko a gida, sauran su saurara, kamar dai yadda ake taruwa a kan rediyo ɗaya a majalisa. Ga kuma zanen da Lucas Cranach ke sassaƙawa a katako a buga, wanda bai san baƙi ba ma zai gane wa ake suka.

A Satumbar 1522 Sabon Alkawari na Luther ya fito da Jamusanci, kwafi wajen 3,000, kafin Disamba sun ƙare sai da aka sake bugawa, duk da Duke George na Saxony ya hana sayar da shi a ƙasarsa. Iya karatu dai bai yaɗu nan take ba, wannan sai da aka buɗe makarantu, kuma Luther da kansa a 1524 ya rubuta wa shugabannin biranen Jamus yana matsa musu su buɗe su, na maza da na mata.