Jadawalin Bita Na Mako: Yadda Na Farko Ya Rushe Na Gina Na Biyu

Saura mako 12 a fara jarrabawarmu ta kammala sakandare lokacin da na zauna na zana jadawalin bita, na manna shi a bangon ɗakina. Darussa tara ne a gabana, sai na ba kowanne yini guda, awa huɗu bayan an tashi daga makaranta. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai, amma a mako na uku malaminmu na kimiyyar sinadarai ya yi mana gwaji a kan babin da na shafe yamma guda ina karantawa, na zura wa tambayoyin ido kamar ban taɓa ganinsu ba.

Da na koma na duba jadawalin, sai na ga inda gizo yake saƙa. Tun da darussan tara ne, kowanne sai bayan kwana tara yake sake zagayowa, kuma idan ya zagayo ba tsohon babin nake komawa ba, sabo nake buɗewa. Tun a shekarar 1885 masanin nan Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Ni kuwa na tsara jadawalin da ba ya waiwayar komai a daidai waɗannan kwanakin. Ga kuma matsala ta biyu: maimaita karanta shafi yana sa ido ya saba da shi, har mutum ya ɗauka ya iya, alhali gane abu idan an gan shi daban, fito da shi daga ka daban.

Jadawali na biyu ya fi na farko gajarta. Daga Litinin zuwa Juma'a ina yin zama biyu kowace yamma, kowanne minti 45, da hutun minti 10 a tsakani, sannan na ƙara zama biyu da safiyar Asabar, jimilla 12 ke nan. Lissafi na ba shi uku, kimiyyar sinadarai biyu, domin a nan nake da rauni, sauran darussa bakwai kuma ɗaya-ɗaya. Na daina rubuta sunan darasi kawai a cikin gurbi, sai ainihin babin da yawan tambayoyin da zan amsa, saboda idan gurbi ya ce "Lissafi" kurum, hannu yakan kai ga babin da mutum ya riga ya iya.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne minti 20 da na ware kafin zaman farko. A cikinsu littafi a rufe yake, daga ni sai farar takarda. Duk babin da na karanta, nakan dawo masa washegari, sai bayan kwana huɗu da karanta shi, sai kuma bayan wani mako guda, kuma ina rubuta waɗannan ranaku a jikin jadawalin tun ranar farko.

Ga yadda ta kasance da babin mol, wato ma'aunin yawan sinadari a kimiyyar sinadarai. Ranar Litinin na karanta shi, na ji kamar ya zauna. Ranar Talata na yi wa kaina tambaya: mol nawa ne a cikin giram 11 na CO₂? Ƙa'idar n = m/M ta zo mini ba wahala, amma na lissafa M, wato nauyin mol ɗaya, a matsayin 28, domin na haɗa 12 na C da 16 na O sau ɗaya, na manta cewa O biyu ne. Daidai shi ne 44, amsar kuma 0.25. Da sake karanta shafin na yi, da ban taɓa gano wannan kuskure ba, tun da a littafin 44 ɗin yana nan a rubuce. Na sa masa jar alama, ranar Juma'a na gwada da giram 9 na H₂O na samu 0.5 daidai, Juma'ar da ta biyo baya kuma na amsa tambayoyi biyar ba tare da tuntuɓe ba.

Yammacin Asabar na tsoffin takardun jarrabawa ne, da agogo a gabana, kuma makin da na samu shi yake yanke wane darasi zai karɓi ƙarin zama a mako mai zuwa. Lahadi kuwa na bar ta ba komai, don biyan bashin zaman da ya kuɓuce. A mako na bakwai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu, zama huɗu suka wuce. Na biya biyu ranar Lahadi, na yafe biyu daga darussan da na fi ƙarfi a cikinsu.

Wannan tsari yana da iyakarsa. Da babobi suka taru, minti 20 ya daina isa, dole na riƙa cire duk babin da na amsa daidai sau uku a jere. Haka kuma bita ba ta koyar da abin da ba a fahimta ba tun farko: akwai babi guda a lissafi da na faɗi sau uku a farar takarda, a nan na daina sa shi a jadawali, na ɗauki littafina na je wurin malam ya sake yi mini bayani daga tushe.