Laraba: yau na ƙirga dutin dare

Da safe wajen miƙa aiki na tarar ba a rubuta maganin ƙarfe shida na gado biyu a takarda ba, alhali an ba marasa lafiyar. Karo na uku ke nan cikin sati biyu, kuma daga hannun nas ɗin da ta fi kowa tsare rubutu a ɗakin nan na mata. Wannan shi ne ya tsaya mini a rai. Mai sakaci tun asali halinsa ne, amma idan mai kula ya fara mantuwa, to a duba nauyin da ke kansa kafin a yi masa faɗa.

Da na natsu sai sauran alamun suka dawo mini. Ta daina magana a taron safe, ita da ke yawan kawo gyara. Ta fara kiran marasa lafiya da lambar gado maimakon sunansu. Ranar Litinin bayan hutun kwana biyu ta dawo da ido ja, kamar ba ta huta ba. Gajiyar yau da kullum barci ke maganinta, wannan kuwa hutun ƙarshen mako ba ya taɓa ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ba cuta ba, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, janye zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. Duka ukun na gani.

Bayan azahar na ɗauko littafin zuwa aiki, ba rosta ba, domin rosta niyya ce kawai, littafin shi ke nuna wanda ya kwana. Nas goma gare mu, biyu an ɗauke musu dare saboda juna biyu da shayarwa. Kowane dare mutum biyu, a sati huɗu duti 56 ke nan, wato bakwai-bakwai ga mutum takwas. Ita ta yi 11. Huɗun da suka ƙaru duk na "don Allah ki riƙe mini" ne, ba wanda aka rama mata. Dare ɗaya awa 12 ne, saboda haka awa 48 ta ɗora a kan nata. Tana da kunya, ba ta iya cewa a'a, kowa kuma ya san haka.

Rabon gadaje ya fi ba ni takaici, don a ido adalci ne: gado 24, nas uku da safe, takwas-takwas. Sai na ba kowane gado maki. Mai tafiya da ƙafarta tana shan magani da kanta, maki 1. Mai ƙarin ruwa ko wankin ciwo, maki 2. Wadda ba ta tashi, sai an juya ta duk awa biyu, maki 3. Yau akwai 12 na farko, takwas na biyu, huɗu na uku, jimla 40. Ita ke da masu maki 3 duka huɗu, da masu maki 2 huɗu, wato 20. Sauran biyun goma-goma. An tara mata masu tsanani ne saboda ta iya, iyawar ta zame mata hukunci.

Na kira ta ofis, na rufe ƙofa. Ban fara da kuskuren ba, lissafin na ajiye gabanta.

"Ƙanwata, kin san dare 11 kika yi?"

Ta yi shiru, can ta ce, "Anti, ban ƙirga ba. Ni dai in na tuna gobe da aiki sai gabana ya faɗi."

Na tambaye ta ko haka take ji a gida ma. Ta ce a gida lafiya lau, barcin ne dai ba ya isarta. Tambayar dole ce: da ɓacin ran ya bi ta ko'ina sati biyu ko fiye, har ta daina jin daɗin komai, da likita zan haɗa ta, don gyaran rosta ba ya maganin ciwon damuwa.

Daga gobe masu maki 3 za a raba su biyu, ɗaya, ɗaya, a cike da sauran, kowa da gadonta takwas, maki ya zama 14, 13, 13. Za a sake ƙirgawa kowace safiya, tun da wadda ke maki 1 yau tana iya zama 3 gobe. Musayar duti kuma sai an rubuta ta a littafi tare da ranar ramawa. Waɗanda ta riƙe wa dare huɗun su za su rama a wata mai zuwa, ita ta yi uku. Ban yarda a juye wa nas ta biyu a ƙwazo ba, don nan da wata biyu ita ma haka za ta koma. A taron gobe lissafin kowa zan karanta, ba zan ware sunanta ba, kada a ce gata aka yi mata.

Rabo dai ba ya haifar da nas. Awa 378 ɗakin ke buƙata a sati, mutum goma a awa 40 sun ba da 400 ne kacal, ko ɗaya ta tafi hutun shekara mun gaza. Na rubuta wa shugabar nas-nas takardar neman ƙarin mutum ɗaya, da lissafin a jiki, gobe da safe zan miƙa.