Saƙon ba da haƙuri idan kaya sun makara

Ƙannena masu sayar da kaya ta waya, da zarar kun tabbatar kaya ba za su iso kan lokaci ba, ku tura saƙo kafin mai kaya ya tambaya.

Ni atamfa nake saro wa daga Kantin Kwari a Kano. Akwai lokacin da motar da ta ɗauko mini kaya ta lalace a Talata Mafara. Wata Hajiya a unguwar Mabera da ke Sakkwato ta riga ta biya naira 45,000 kuɗin turmi uku na anko, da 2,000 na kai mata gida. Na yi mata alkawarin Litinin, biki kuma Asabar. Duk kiran da ta yi sai in ce "suna hanya". Kayan ba su iso ba sai Alhamis, tela ya ce ba zai iya ba. Da na gaya mata gaskiya tun Litinin, da ta shiga Babbar Kasuwa ta nemi irinta. Damar nan na hana ta, kuma ita ta fi yi mata ciwo.

Ga abin da ya kamata in tura mata:

"Salamu alaikum Hajiya, ina wuni? Na yi miki alkawarin atamfarki yau Litinin, ban cika ba. Don Allah ki yi haƙuri. Motar ce ta lalace a hanya, amma ni na ɗauki alkawarin. In Allah ya yarda ran Alhamis zan kawo miki har gida, kuma na mayar miki da 2,000 ɗinki. In Alhamis ta yi miki nisa, ki turo lambar asusu in mayar da kuɗinki duka yau."

Ku lura, dalilin jimla ɗaya ce. Idan kuka tsawaita labarin direba da bakanike, mai kaya zai ji kamar kanku kuke wankewa. Ranar da za ku faɗa kuwa, ku ƙara kwana ɗaya kan wadda direba ya ba ku, don saɓa alkawari na biyu ya fi na farko ɓata ciniki.

Diyyar kuma ku auna ta da asarar da mutum ya yi. In kayan za su yi amfani duk da jinkirin, yafe kuɗin kaiwa ya isa. In sai tela ya ƙara kuɗi kafin ya yi ɗinkin gaggawa, ƙarin nan naku ne. In biki ya wuce, ku mayar da kuɗin cif, sai fa in ita da kanta ta ce tana son kayan, to ku yi mata ragi. Ban yarda da "zan rage miki a saye na gaba" ba, domin kun ɗaura diyyarta kan sai ta sake ba ku kuɗi.

In mutum goma jinkirin ya shafa, kowa ku tura masa nasa da sunansa da kayansa. Babba kamar Hajiya kuwa, ku fara kiranta tukuna, sannan ku bi da saƙon a rubuce, ya zama shaida tsakaninku.